Ba Kowane Karo Ke Haifar da Sauyi Ba: Abin da ke Sa Sinadarai Sauri ko Nawa

Idan tukunyar gas ta girki ta yi yoyo a ɗakin da aka rufe, gas ɗin yakan gauraya da iskar ɗakin ya zauna shiru. Babu wuta, babu hayaƙi, sai wari kawai. Alhali duk abin da gobara ke buƙata ya riga ya hallara: ga abin ƙonewa, ga iskar oksijin, kuma sun cakuɗe da juna. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa iska ba a tsaye suke ba, gudu suke yi na kusan mita 500 a daƙiƙa guda, kuma kowace ƙwaya tana karo da maƙwabtanta sau biliyoyi a cikin wannan daƙiƙar. Duk da haka ba abin da ke faruwa, har sai wani ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki. Daga nan kuma, kafin ƙiftawar ido, aikin gama ya gama.

Me ya hana su ƙonewa tun farko? Me ya sa kuma suka ƙone gaba ɗaya a lokaci guda? Amsar tana cikin wani bayani da masana kimiyyar sinadarai ke kira nazariyyar karo, wanda Max Trautz ya gabatar a Jamus a 1916, William Lewis kuma ya kai gare shi ta tasa hanyar a Birtaniya a 1918. Bayanin bai da wuyar kamawa. Kafin abubuwa biyu su sauya su zama wani abu sabo, dole ƙwayoyinsu su yi karo. Sai dai karon kaɗai bai isa ba. Dole ya zo da ƙarfin da zai iya sassauta ɗaurin da ke riƙe da sassan kowace ƙwaya, kuma dole ƙwayoyin su haɗu ta gefen da ya dace. Mafi yawan karo ba ya cika waɗannan sharuɗɗa, ƙwayoyin sai su bangaji juna kowace ta kama gabanta kamar ba a yi ba.

Wannan mafi ƙarancin ƙarfi da ake buƙata shi ake kira kuzarin tayarwa, kuma a littattafan makaranta ana rubuta shi Ea. A ɗauke shi kamar katanga da ke tsakanin garken awaki da gonar wake: awakin na iya yini suna zirga-zirga a gindinta, amma sai wadda ta yi tsalle ya kai ce za ta ga wake. Tsakanin gas ɗin girki da oksijin katangar doguwa ce ƙwarai, shi ya sa a zafin ɗaki kusan babu karon da ke tsallake ta. Tartsatsin ashana yakan ba ƴan ƙwayoyin da ke kusa da shi ƙarfin tsallakewa. Ƙonewarsu ta saki zafi, zafin ya ɗaga na gefensu, su ma su ɗaga na gaba, har wutar ta cinye ɗakin.

Wanda ya riƙe wannan ya riƙe zaren duka. Saurin kowane sauyin sinadarai ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: sau nawa ake karo a daƙiƙa, kuma kashi nawa na karon ke yin nasara. Abubuwa huɗun da ake koya wa ɗalibai, wato cunkoson sinadari, faɗin fuska, zafi da katalis, ba duka suke aiki ta ƙofa ɗaya ba. Biyun farko yawan karo suke ƙarawa. Biyun ƙarshe rabon nasara suke sauyawa. A ganina rashin rarrabe waɗannan biyun shi ne babban abin da ke sa mutane su haddace darasin ba tare da ya zauna musu ba.

Dutsen farar ƙasa a cikin asid

Hanya mafi sauƙi ta ganin abin da ido ita ce gwajin da ake yi a ɗakunan gwaji na makarantun sakandare da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa don yin siminti a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Malbaza a Nijar. Idan aka jefa tsakuwarsa cikin asid ɗin haidurokulorik, nan take sai kumfa ta fara tashi daga jikin dutsen, tana tsiyayar ƙara kamar an buɗe kwalbar lemo. Kumfar iskar kabon dayoksaid ce. A rubuce sauyin shi ne:

CaCO₃ + 2HCl → CaCl₂ + H₂O + CO₂

Tun da iskar tserewa take yi, nauyin kwalbar yana raguwa, kuma da wannan raguwar ake auna sauri. Ana ɗora kwalbar gwaji a kan sikeli mai nuna ƙananan lambobi, a zuba mililita 40 na asid wanda kowace litarsa ke ɗauke da giram 36.5 na sinadarin, a zuba giram 10 na tsakuwa, a toshe bakin da auduga sama-sama, a kunna agogo. Audugar tana barin iska ta fita, amma tana tare ɗigon ruwan da kumfa ke fesowa, wanda in ya fita zai sa sikeli ya nuna raguwar da ta wuce ta gaskiya. Daga nan sai a riƙa rubuta nauyi duk bayan daƙiƙa 30.

Lissafi ya nuna tun kafin a fara cewa wannan asid ɗin zai cinye giram 2 ne kacal na dutsen, ya fitar da giram 0.88 na iska. Saura giram 8 za su rage a ƙasan kwalba, don da gangan aka zuba dutse fiye da kima, domin asid ɗin ne ake so ya fara ƙarewa. A aikace sikeli yakan tsaya ƙasa da 0.88 da ɗan kaɗan, saboda wani ɓangare na iskar yana narkewa a cikin ruwan ya ƙi fita.

Abin lura shi ne yadda lambobin ke tafiya. A minti na farko nauyi yana zuba da sauri, kumfa ta rufe tsakuwar har ba a ganinta sosai. A minti na biyu raguwar ba ta kai ta farko ba. Can gaba sai ka ga ƙwayar kumfa ɗaya-ɗaya tana ɓallewa daga gefen dutse, daga bisani sikeli ya tsaya cak. Ba wanda ya taɓa kwalbar, amma saurin ya faɗi da kansa, domin duk ƙwayar asid da ta yi aiki ta fita daga lissafi. Waɗanda suka rage sun yi ƙaranci a cikin ruwan da yawansa bai sauya ba, don haka ba sa isa fuskar dutsen akai-akai kamar da. Wannan shi ne tasirin cunkoso: yawan ƙwayoyi a cikin ma'auni ɗaya na ruwa shi ke yanke sau nawa za a yi karo.

Ana iya tabbatar da shi ta hanyar sirka asid ɗin. A ɗebi mililita 40 ɗin nan a haɗa da mililita 40 na ruwa, a zuba duka 80 a kan irin tsakuwar. Ƙwayoyin asid ɗin ba su ragu ko ɗaya ba, sun dai bazu a wuri ninki biyu. Kumfar farko za ta yi sanyi, kusan rabin ta ɗazu, aikin ya ɗauki lokaci mai tsawo, amma a ƙarshe sikeli zai kai wajen 0.88 ɗin nan. In kuwa rabin sirkin aka zuba, wato mililita 40 kawai, to abu biyu ne suka sauya: saurin ya ragu, iskar da za a samu kuma ta koma giram 0.44. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, su ɗauka cewa abin da ya fi sauri shi ya fi ba da yawa. Sauri daban, yawa daban. Saurin ana karanta shi ne daga yadda lambobi ke zuba a farko, yawan kuma daga inda suka tsaya.

A iska ma haka abin yake. Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, shi ya sa tsinken da wutarsa ta mutu ta bar garwashi zai sake kamawa bal idan aka tura shi cikin zallar oksijin, kuma shi ya sa ake hana kusantar tukunyar oksijin ta asibiti da wuta ko mai. Zugazugin maƙeri ma aikinsa ke nan: yana kore iskar da gawayi ya riga ya tsotse wa oksijin, ya kawo sabuwa.

Akwai iyaka a nan da ya kamata a faɗa. Ba kullum ninka cunkoso ke ninka sauri ba. Sauye-sauye da yawa mataki-mataki suke tafiya, kuma matakin da ya fi nawa shi ke riƙe da sauran. Idan sinadarin da ka ƙara ba ya cikin wannan mataki ko wani da ya gabace shi, ko ka ninka shi sau uku saurin ba zai motsa ba. Saboda haka masana ba sa hasashen wannan dangantaka daga rubutaccen sauyin, gwaji suke yi su auna.

Yanzu a koma ga dutsen kansa. Asid ba ya iya shiga cikin tsakuwa, da fatarta ta waje kaɗai yake karo. Duk abin da ke ciki a ɓoye yake, yana jiran a cinye na samansa. A ɗauki gutsuren dutse mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi da kauri duk santimita 1. Fuskokinsa shida ne, jimillar faɗinsu murabba'in santimita 6. A yanka shi zuwa ƴan gutsattsari masu milimita 1 a kowane gefe, za a samu guda 1,000, kuma jimillar fuskokinsu ta zama murabba'in santimita 60. Nauyi bai ƙaru ko da ƙwayar gero ba, amma wurin karo ya ninka sau goma. In aka maimaita gwajin da giram 10 na dakakken dutse, kumfar kan taso har ta nemi ambaliya, aikin ya ƙare cikin ɗan lokaci, sikeli kuma ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

Mai gwajin da ya rasa asid ɗin da aka ambata ya ce bari ya yi da ruwan batir, wato asid ɗin salfiyurik, zai ga abin mamaki. Kumfa za ta tashi na ɗan lokaci sannan ta mutu, ga dutse ga asid duk suna nan. Dalili shi ne gishirin da wannan asid ke haifarwa, CaSO₄, ba ya narkewa sosai a ruwa, sai ya lulluɓe tsakuwar da farin ɓawo. Fuskar da za a yi karo da ita ta rufe. Alamar gane hakan ita ce idan aka kankare dutsen ko aka fasa shi, kumfa za ta dawo.

Faɗin fuska yana da haɗarin da masu injin niƙa ya kamata su sani. Tulin gari a ƙasa da ƙyar yake kama wuta, amma ƙurarsa da ke shawagi a rufaffen wuri kowane ɗigonta iska ta kewaye shi ta ko'ina, kuma tartsatsi guda ya isa. A 1878 ƙurar fulawa ta tarwatsa wata babbar masana'antar niƙa a Minneapolis ta Amurka, mutum 18 suka mutu. A 2008 ƙurar sukari ta yi irin wannan ɓarna a wata matatar sukari a Port Wentworth ta jihar Jojiya, aka rasa mutum 14. Share ƙurar da ke taruwa a kan rufi da bisa injina, da buɗe tagogi, ba tsafta kaɗai ba ce, tsaron rai ne.

Abin da zafi ke yi a zahiri

A nan ne nazariyyar ta fi nuna ƙarfinta, a nan ne kuma aka fi yi mata bayanin rabi. Idan aka ɗumama asid ɗin a cikin ruwan zafi kafin a zuba dutse, kumfa za ta fi ta ɗazu ƙarfi. Tambayi ɗalibi dalili, zai ce ƙwayoyin sun ƙara gudu, saboda haka suna yawan karo. Bai yi ƙarya ba, amma ya kama ƙaramin dalili ya saki babba.

Ga lissafin. Motsin ƙwayoyi ba daga sifirin ma'aunin zafinmu ake ƙirga shi ba, daga digiri 273 ƙasa da sifiri ake farawa, inda motsi ke kai wa ƙarshen ƙaranci. A wannan ma'auni digiri 25 ya zama 298, digiri 35 kuma ya zama 308. Bambancin bai wuce kashi 3 cikin ɗari da ɗan ɗoriya ba a kuzari, kuma a gudun ƙwayoyi da yawan karonsu bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Amma sauye-sauye da yawa, idan aka ƙara musu wannan digiri goman, saurinsu kusan ninkawa yake yi. Ƙarin kashi 2 ba zai haifar da ƙarin kashi 100 ba. Dole akwai wani abu.

Abin shi ne ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. A kowane lokaci wasu na tafiyar hawainiya, mafi yawa suna tsaka-tsaki, ƴan ƙalilan kuma suna da kuzarin da ya ninka na sauran sau da yawa. Waɗannan ƴan ƙalilan ɗin su kaɗai ne ke tsallake katanga, kuma ɗan ƙarin zafi yana ƙara yawansu fiye da yadda yake ƙara gudun jama'ar. Svante Arrhenius, masanin ƙasar Suwidin, shi ya ba wannan dangantaka siffar lissafi a 1889, kuma rabon karon da ke da isasshen ƙarfi ana samunsa da e^(−Ea/RT). Mai karatu ba ya buƙatar sarrafa wannan, sakamakon ya isa. A ɗauki sauyin da kuzarin tayarwarsa kilojul 50 ne a kowane mol, wanda adadi ne na tsaka-tsaki. A digiri 25, cikin karo biliyan 10, kusan 17 ne kawai ke da ƙarfin da ake buƙata. A digiri 35 sun zama kusan 33. Har yanzu ƙalilan ne ƙwarai, amma sun ninka, kuma tun da su kaɗai ne ke yin aikin, saurin ma ya ninka.

Daga nan ne aka samo ƙa'idar da ake yawan faɗa, cewa ƙarin digiri 10 na ninka sauri. Ƙa'ida ce mai amfani, amma kimantawa ce, ta dace ne da katanga mai matsakaicin tsawo a zafin da bai yi nisa da na ɗaki ba. Idan kuzarin tayarwa kilojul 100 ne, digiri goman nan zai ninka saurin kusan sau huɗu. Idan 20 ne, ƙarin bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba. Wato iyakar tsawon katanga, iyakar tasirin zafi.

Wannan lissafi yana da nauyi a ƙasa mai zafi irin tamu. Nonon da zai kwana lafiya da hunturu, da bazara kafin yamma ya yi tsami, domin ƙwayoyin halittar da ke tsamar da shi da sauye-sauyen sinadarai suke aiki. Sauko da abinci daga digiri 34 zuwa digiri 4 na firji matakai uku ne na goma-goma, kuma bisa wannan kimantawa lalacewarsa za ta ragu kusan sau takwas. Firji bai tsayar da lalacewa ba, ya dai rage masu tsallakewa. Abin da ya fi damuna shi ne magani. Kwalaye da yawa an rubuta a jikinsu cewa a ajiye ƙasa da digiri 30, kuma ranar ƙarewar da aka buga an lissafa ta ne bisa wannan sharaɗi. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano ko a kan faranti a rana. Maganin da ya yi watanni a irin wannan wuri yana iya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa tun kwanan da ke jikin kwali bai zo ba, kuma sau da yawa ido ba ya ganin alama.

Wata hanya mai gajeriyar katanga

Zafi yana ƙara masu iya tsallakewa. Katalis kuwa bai ƙara wa kowa ƙarfi ba, wata hanya yake buɗewa wadda katangarta ta fi gajarta, kuma idan aikin ya ƙare yana nan yadda yake, ba a cinye shi ba. Jöns Jacob Berzelius ne ya raɗa wa wannan al'amari suna a 1835.

Misalin da kowa zai iya gani yana shagon kemis: ruwan haidurojin da ake wanke ciwo da shi, H₂O₂, wanda ake sayarwa a sirke, kashi 3 ko 6 cikin ɗari. Wannan ruwa da kansa yake rushewa ya koma ruwa da oksijin:

2H₂O₂ → 2H₂O + O₂

Amma a hankali yake yi ƙwarai, sai kwalba ta yi watanni, domin kuzarin tayarwarsa ya kai wajen kilojul 75. Haske da zafi suna hanzarta shi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. A zuba ɗan kaɗan a kwalbar gwaji, ba za a ga komai ba, ruwa ne garau. A barbaɗa rabin giram na baƙin garin MnO₂, sinadarin da ke cikin batirin tocila, nan take ruwan zai tafarfasa da kumfa, kwalbar ta yi ɗumi a hannu, tsinke mai garwashi kuma ya kama idan aka kai shi bakinta. Bayan kumfa ta lafa, a tace baƙin garin, a shanya, a auna: rabin giram ɗin yana nan, kuma zai sake yin aikin a sabon ruwa. Wannan awon shi ne shaidar cewa katalis ne ba abokin sauyi ba.

Lambobi suna nuna girman tasirin. Sinadarin ayodaid yana sauko da katangar wannan sauyi daga 75 zuwa wajen 56. Ragin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, amma bisa lissafin Arrhenius, a zafin ɗaki rabon karon da ke nasara ya ƙaru kusan sau 2,000. Don a samu irin wannan da zafi kaɗai, sai an ɗaga shi da kusan digiri ɗari.

Jikinmu ya fi kowace masana'anta gwaninta a wannan fanni. Katalis na jikin mai rai ana kiransu enzayim, kuma ɗaya daga cikinsu, katalas, aikinsa rusa wannan haidurojin ɗin, wanda jiki ke samarwa kaɗan-kaɗan kuma guba ne gare shi. Ƙwaya ɗaya ta katalas tana iya rusa miliyoyi a daƙiƙa. Shi ne ke sa kumfa idan ruwan ya taɓa jini a kan ciwo, kuma kumfar ba alamar ƙwayoyin cuta na mutuwa ba ce kamar yadda ake zato, ko a kan lafiyayyen jini za ta tashi. A jefa ɗanyar hanta ƴar ƙarama a cikin ruwan, kumfa za ta cika kwalba, a daka hantar ta fi haka. Amma a jefa dafaffiya, shiru. A nan ƙa'idar zafi ta juye. Enzayim yana aiki ne da siffarsa, yana da wani lungu da ke kama ƙwayar ya juya ta gefen da ya dace, kuma zafi mai yawa yana murɗe wannan siffa ba ta dawowa. Ɗumi na hanzarta shi zuwa wani matsayi, tafasa kuma ta kashe shi.

Katalis yana da abin da ba ya iyawa. Ba ya sa sauyin da ba zai yiwu ba ya yiwu, kuma ba ya ƙara yawan abin da za a samu a ƙarshe, yana dai gaggauta isa wurin. Masana'antun takin yuriya suna fara ne da haɗa naitirojin na iska da haidurojin su zama amoniya, ta hanyar da Fritz Haber ya gwada a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913. Ɗaurin da ke cikin ƙwayar naitirojin yana cikin mafiya ƙarfi, don haka a zafin ɗaki ba abin da ke motsi. Ƙara zafi yana kawo sauri, amma a wannan sauyi yana rage yawan amoniyar da ake samu. Mafita ita ce katalis na ƙarfe, da zafin digiri 400 zuwa 450, da matsi kusan ninki 200 na iskar da muke ciki. Ko da haka kusan kashi 15 cikin ɗari ne ke sauyawa a zagaye guda, sai a cire amoniyar a mayar da ragowar ta sake zagayawa.

Mai mota kuwa yana ɗauke da nasa katalis a ƙarƙashinsa, a cikin wani kumburi da ke jikin salansa wanda makanikai ke ce wa indomi. Idan aka yanka shi za a ga tubalin tangaran mai dubban ƙananan ramuka jere da juna, an shafe cikinsu da ɗan kaɗan na ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Ramukan don faɗin fuska aka yi su, domin a kan fatar ƙarfen ne ƙwayoyin hayaƙi ke maƙalewa ɗaurinsu ya sassauta. A nan iskar kabon monoksaid mai kisa ke komawa kabon dayoksaid, ragowar fetur ya ƙone, gubar naitirojin ta koma naitirojin zalla. Na'urar ba ta fara aiki sosai sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300, shi ya sa hayaƙin mintocin farko bayan tayar da mota da safe ya fi kowane ƙazanta, kuma shi ya sa ɗumama mota a rufaffen gareji ke da haɗari ko da na'urar lafiyarta ƙalau.

Tun da a fuska aikin yake, duk abin da ya rufe fuskar ya kashe katalis ɗin. Dalma ce ta fi yin wannan ɓarna, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa aka daina zuba ta a fetur, aikin da aka kammala a duniya a 2021 lokacin da Aljeriya ta daina sayar da irin wannan mai. Injin da ke shan baƙin mai ma yana toshe ramukan da toka, wanda filoginsa ke fashi kuma yana tura ɗanyen fetur ya ƙone a ciki har tubalin ya narke. Alamun su ne mota ta rasa ƙarfi a hawa, ko a ji ƙarar tsakuwa a cikin salansa. Mutane da yawa idan haka ta faru sukan sa a fasa a zubar da tubalin, ko a sayar da shi saboda ƙarafan da ke ciki. Motar za ta ci gaba da tafiya, wani lokaci ma ta fi sakewa, amma daga ranar kabon monoksaid ɗin da ake sauyawa a cikin ramukan zai riƙa fita yadda injin ya samar da shi, kuma wanda ke biye da ita a kan babur a cunkoson titi shi ke fara shaƙa.